Talla mai araha, ciniki mai tsada

A ce wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta ware naira 50,000 ta sa talla a Instagram. Mako ya zagayo, ta duba lissafi: tallar ta bayyana a wayoyin mutane sau 100,000, an danna ta sau 1,000, mutum goma suka sayi turmi ɗaiɗai.

Daga nan alƙaluma uku ke fitowa. CPM shi ne kuɗin bayyana sau dubu, a nan naira 500. Bayyana fa aka ce, ba mutane ba, domin mutum ɗaya yana iya ganin tallar sau biyar, a ƙirga duka biyar ɗin. CPC shi ne kuɗin danna ɗaya, naira 50. CPA kuwa shi ne abin da ta kashe kafin ta samu mai saye ɗaya, wato naira 5,000. In ribarta a kan turmi naira 4,000 ce, to kowane ciniki ya ci mata naira 1,000 daga jari, alhali alƙaluma biyun farko suna ta faranta mata rai.

Sai ta sake zuba wata 50,000, amma ta taƙaita tallar ga matan Kano, ta kuma rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin hoton. Bayyana ta ragu zuwa 40,000, danna ya koma 400. CPM ya hau 1,250, CPC ya kai 125. Mai kallo daga nesa zai ce ta yi asara. Sai dai masu saye sun zama ashirin, saboda farashin ya kori 'yan kallo tun kafin su danna, CPA ya sauko zuwa 2,500.

Ba wai sauran biyun ba su da rana ba. Wanda ya buɗe sabon shago, yana son unguwa ta san da zamansa kawai, CPM zai duba. Shi ne kuma ke nuna lokacin da kasuwar talla ta yi tsada, tunda gwanjo ake yi, masu talla na yawaita farashi na tashi. CPC yana da amfani wajen gwada hotuna biyu a kan mutane iri ɗaya, a ga wanne ya fi jan ido.

Matsalar CPA ita ce samun sa na gaskiya. A wurinmu yawancin ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, a tura kuɗi ta banki, kuma na'urar talla ba ta ganin wannan. Abin da takan ƙirga shi ne waɗanda suka fara turo saƙo, har da masu “nawa ne?” su ɓace. Saboda haka dole mai atamfa ta ajiye littafinta, ta tambayi duk wadda ta biya inda ta ga kayan, ranar Asabar ta raba kuɗin tallar da yawan waɗanda kuɗinsu ya shigo.