Abin da Lambobin Bayan Ɗigo Ke Ƙirgawa

Tun 1973 da Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, kwabo ɗari ne ke cika naira ɗaya. Wannan rabon ne ake gani idan aka rubuta ₦3.47.

Lambar da ke gaban ɗigo cikakkun nairori ce, guda uku. Ta farko a bayansa kuwa, wato 4, tana ƙirga tsabar kwabo goma-goma, wadda jama'a suka ci gaba da kira sule. Sule goma ke yin naira, don haka kowane sule kashi ɗaya ne cikin goma. Sai 7, mai ƙirga kwabo ɗai-ɗai, kowanne kashi ɗaya cikin ɗari. A zube su a faifai: sule huɗu da kwabo bakwai, kwabo 47 ke nan.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne wajen kwatanta 0.5 da 0.25. Ido na ganin 25 sai ya ɗauka ta fi yawa. Amma 0.5 sule biyar ne, kwabo 50, ita kuwa 0.25 sule biyu ce da kwabo biyar. Shi kuma 0.05 ba shi da sule ko ɗaya, kwabo biyar ne kacal.