Abincin bikin ranar haihuwar yaro da kuɗi kaɗan

Bikin zagayowar ranar haihuwar yara ya shiga gidaje da dama a Gusau, har ya kai garuruwan da ke kusa da ita kamar Tsafe da Bungudu. Abin da ke cinye kuɗi a irin wannan taro shi ne lemon kwalba da naman kaza da babban kek na oda. Yara 'yan shekara 4 zuwa 10 kuwa abin da za su ɗauka da hannu su ci a tsaye suka fi so. Taron yara 20 na iya tashi da cincin da fanke da awara da zoɓo, duk a yi su a gida.

Cincin ake fara yi, tun saura kwana uku, domin idan ya huce sarai aka rufe shi a roba mai murfi yana yin makonni bai lalace ba. Idan aka rufe shi da ɗumi, gumi ne zai sa ya yi laushi. Man da aka soya shi a tace a ajiye, da shi za a soya fanke ranar biki. Awara ce za ta shiga man daga ƙarshe, saboda gishirinta da ƙamshinta suna kama mai, ba zai ƙara dacewa da kayan zaƙi ba. Da wannan tsari mai ɗaya ke yin aiki uku, kuma mai yana cikin kayan da suka fi tsada a bikin.

Fanke ne ya fi bukatar kulawa. Fulawa kilo 1, da sukari kofi 1 da rabi, da yis babban cokali 2, da ɗan gishiri, sukan ba da ƙananan fanke kimanin 60, wato uku-uku ga kowane yaro. Da ruwan ɗumi ake kwaɓawa, wanda hannu zai iya daɗewa a ciki, don ruwan zafi yana kashe yis. Kwaɓin ya zama mai danƙo, ya fi na waina kauri. A lokacin bazara yakan tashi cikin minti 45, amma a hunturu yakan wuce awa guda, sai a rufe kwanon a kai shi rana. Alamar ya tashi ita ce ya ninka, ya fito da 'yan ƙofofi a sama. Kafin suya a ɗiga ɗan kwaɓi a cikin mai. Idan ya taso nan take yana kumfa, man ya yi. Idan ya kwanta a ƙasa, man bai yi zafi ba, fanken zai sha mai ya yi nauyi. Idan ya yi ja nan da nan, wuta ta yi yawa, bayansa zai ƙone cikinsa ɗanye.

Awara ana iya sayen ɗanyarta a wurin masu yi a unguwa, a yanka ƙanana a soya. Yaji a ajiye shi gefe don manya.

A abin sha, zoɓo ya fi sauƙi. Yara 20 a kan kwatar lita kowanne lita 5 ke nan. Busasshen zoɓo kofi 2 zuwa 3 ya isa. A wanke shi don fitar da ƙasa, a tafasa kamar minti 20 da kanumfari da citta kaɗan, domin yara ba sa son yajin citta, sannan a tace a sa sukari. Kunun aya yara na sonsa, amma yana tsami cikin 'yan awowi idan babu sanyi, kuma ba a dogara da wutar lantarki. Wanda ya ƙi barinsa ya yi shi da safiyar ranar. Ƙanƙarar da aka sayo a jera ta a kula kewaye da robobin abin sha, kada a jefa ta cikin zoɓon, tunda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Tsofaffin robobin lemo sai an wanke su da sabulu an ɗauraye sosai.

Kek ƙarami guda ya isa don yankawa da ɗaukar hoto, kuma ana gasa shi a tukunya bisa yashi idan babu abin gashi. Rabo a ƙulle shi tun da wuri a 'yan leda, a ƙara kamar biyar, saboda yaran maƙwabta ba sa jiran gayyata.

Gyaɗa da gugguru da alewa mai tauri suna da araha, amma suna shaƙe yara ƙanana, kuma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. Yaron da bai kai shekara 5 ba a ba shi fanke da kankana da aka cire wa 'ya'ya, ya ci a zaune a gaban babba.