Tafiyar Buhu Dubu Goma Daga Takardar Buƙata Zuwa Ranar Biya

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa kai wa babban kamfani kaya ya san wannan amsa: "Kuɗinka na nan, kwamfuta ce ta riƙe." Ya sauke kaya a sito, an buga masa hatimi a webil, ya miƙa takardar neman biya, amma wata ya shuɗe bai ga alat ba. Sai ya fara zargin akanta, ko ya shiga neman wanda zai yi masa hanya. Sau da yawa kuwa babu wanda ya zauna a kan kuɗin nasa. Takardu huɗu ne ke bin kowane ciniki a irin waɗannan kamfanoni, kuma idan uku na ƙarshe suka saɓa wa juna, manhajar da kanta take dakatar da biya.

Manhajar da ta fi suna a wannan aiki ita ce SAP, wadda wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa kamfaninta a Jamus a 1972. Sashenta mai kula da saye da ajiyar kaya ana kiransa `MM`. Akwai wasu irinta, kamar Oracle da Odoo, sunayen allonsu daban, amma hanyar ɗaya ce.

A ɗauka wata masana'antar casar shinkafa ce a Kano, buhunan da take zuba shinkafa sun kusa ƙarewa. Mai kula da sito ya duba ya ga abin da ya rage ba zai kai su ƙarshen wata ba. Ba shi da ikon kiran kowa ya ce a kawo. Abin da zai yi shi ne ya buɗe allon `ME51N` ya cike takardar buƙata, wadda ake gani a allo da sunan `Purchase Requisition`: lambar kayan, buhu 10,000, ranar da ake son su iso, da siton da za a sauke su. Wannan takarda ta cikin gida ce. Babu wani ɗan kasuwa da zai gan ta, kuma ba ta ɗora wa kamfani bashin ko kwabo. Roƙo ne daga wani sashe zuwa sashen saye.

Daga nan sai ta jira sa hannu. Kamfani ne ke tsara wa manhajar wanda zai amince da me, yawanci gwargwadon yawan kuɗin: ƙaramin saye ya tsaya a wurin shugaban sashe, babba ya haura zuwa manajan kuɗi ko sama da shi. Muddin ba a saki takardar ba, jami'in saye ba zai iya mayar da ita oda ba. A nan ne wasu ke yin wata dabara da masu binciken kuɗi suka daɗe da sani, wato a tsaga buƙata guda gida biyu ko uku don kowace ta tsaya ƙasa da adadin da zai kai ta teburin babba. Alamarta ba ta ɓuya: kaya iri ɗaya, sashe ɗaya, takardu a jere cikin kwana ɗaya ko biyu.

Da aka saki takardar, jami'in saye ya nemi farashi daga masu kawo buhu, ya zaɓi wanda ya ce naira 300 kowane ɗaya. Ya buɗe `ME21N`, ya jawo bayanan takardar buƙata cikin takardar oda, wato `Purchase Order`, ya ƙara sunan mai kawo kaya, farashi, da sharaɗin biya, a ce kwana 30 daga ranar takardar neman biya. Buhu 10,000 a naira 300 ya kama naira miliyan 3, ban da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, wanda za a ajiye gefe don lissafin ya yi sauƙi. Ita wannan takarda ta fita daga gida, kuma da zarar mai kawo kaya ya amsa, alkawari ya ƙullu tsakanin ɓangarorin biyu. Lambarta, wadda a tsarin SAP na asali takan fara da 45, ita ce igiyar da za ta ɗaure duk abin da zai biyo baya. Sai dai har yanzu ba a rubuta komai a littafin bashi ba, domin babu buhu ko ɗaya da ya shigo.

Ranar da mota ta tsaya a bakin sito ita ce ranar da ta fi kowace nauyi a wannan tafiya, ko da yake mafi ƙanƙantar ma'aikata ne ke tsaye a wurin. Webil ɗin direba ya ce buhu 10,000. Buhunan sun zo a ɗaure, ɗari-ɗari, don haka ya kamata a ga ɗauri 100. Mai sito ya sa aka ƙirga a gabansa, aka samu 96. Buhu 9,600 ke nan, 400 babu.

Ya shiga `MIGO`, ya kira lambar odar, ya zaɓi nau'in motsin kaya mai lamba 101, wanda ke nufin karɓar kaya a kan oda. Allon zai kawo masa 10,000 a rubuce, domin abin da oda ta ce ke nan. Aikinsa ne ya goge ya rubuta 9,600. Da ya danna ajiya, abu biyu suka faru a lokaci guda ba tare da akanta ya taɓa komai ba. Adadin buhunan sito ya ƙaru da 9,600, darajarsu naira 2,880,000. Sannan aka rubuta wannan adadin kuɗi a wani asusun wucin gadi mai suna `GR/IR`, wanda ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce kaya sun shigo, takardar neman biyansu ba ta iso ba tukuna. Odar kuma ta zauna a buɗe, tana jiran sauran 400.

Da a ce wasu ɗauri sun zo a jiƙe ko a yage, akwai lamba 122 ta mayar da kaya ga mai su. Da kuskuren rubutu ya yi, akwai 102 ta soke abin da ya shigar. Ko ɗaya ba ta share na farkon. Kowace sabuwar takarda ce da ke zama kusa da tsohuwa, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi.

Bayan kwana uku takardar neman biya ta iso ofishin akanta. Mai kawo kaya ya rubuta buhu 10,000, kuma a naira 320, yana cewa kayan haɗa buhu sun tashi tun bayan da aka yi magana. Jimla naira 3,200,000. Akawun biya ya buɗe `MIRO`, ya kira lambar odar nan dai, manhajar ta kawo masa abin da ta sani: buhu 9,600 a naira 300. Nan take aka yi gwajin da ake kira daidaita takardu uku. Oda ta faɗi farashin da aka amince, shaidar karɓa ta faɗi adadin da ya shigo, takardar neman biya ta faɗi abin da ake nema.

Tazarar ta kai naira 320,000, kuma gida biyu ce. Naira 120,000 kuɗin buhu 400 ne da ba su zo ba. Naira 200,000 kuwa ƙarin naira 20 ne a kan buhu 10,000, wanda babu wanda ya sa hannu a kai. Kamfanoni kan bar ɗan sassauci don kada a riƙa tsayar da biya a kan 'yan canji, misali kashi 5 cikin ɗari na farashi. Ƙarin 20 a kan 300 ya kusa kashi 7, ya wuce gona. Saboda haka takardar ta shiga littafi, bashin ya tabbata a sunan mai kawo kaya, amma manhajar ta liƙa mata alamar `R`. Ranar da aka kunna biyan kuɗi na bai-ɗaya a `F110`, za a tsallake ta.

Wannan ne "kwamfuta ta riƙe". Kuma ba a warware shi da zirga-zirga ofishin akanta, domin gyaran ba a hannunsa yake ba. Matsalar adadi tana wucewa ne ranar da aka kawo sauran 400 mai sito ya shigar da su, ko mai kawo kaya ya aiko da takardar rage kuɗinsu. Matsalar farashi kuwa ta sashen saye ce: ko su yarda da 320 su gyara oda, a sake bi ta sa hannu idan tsarin kamfani ya buƙaci haka, ko su tsaya a kan 300 shi kuma ya aiko da takardar rage naira 200,000. Sai an yi haka mai izini zai cire katangar a `MRBR`.

To amma a dawo bakin sito. Da mai sito ya gaji, ko direba na gaggawa, ya bar 10,000 ɗin da allo ya kawo masa ya danna ajiya, kuma da mai kawo kaya ya tsaya a naira 300, da takardu uku sun yi daidai tsaf. Manhajar za ta biya naira miliyan 3 ba tare da ko gargaɗi ba. Ba ta da ido a cikin mota, abin da aka gaya mata take kwatantawa. Giɓin buhu 400 ba zai bayyana ba sai ranar ƙidayar sito, wataƙila bayan watanni, kuma mai siton ne za a tambaya ina suka shiga. Dalilin da ya sa kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya barin mutum ɗaya ya riƙe izinin yin oda da na karɓar kaya da na shigar da takardar biya ke nan. Wanda ya haɗa ukun zai iya sayen abin da babu, ya karɓe shi a allo, ya biya.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta fi wannan yawa, ita ce a kira ɗan kwangila a waya a ce ya kawo kaya yau, takarda ta biyo baya. Shi ke cutuwa da farko. Babu lambar oda, mai sito ba shi da abin da zai karɓa a kai, akawu ba shi da abin da zai kwatanta, kayan kuma har an fara amfani da su.

A ƙarshen wata masu lissafi kan leƙa asusun `GR/IR`. Kamata ya yi kowane layi ya koma sifili idan kaya da takardar biyansu sun haɗu. Layin da ya yi watanni a zaune yana nuna ɗayan biyu: ko an karɓi kaya ba a kawo takarda ba, ko an shigar da takarda kaya ba su cika ba.

Mai karatu da ke kai wa irin waɗannan kamfanoni kaya, kada ya loda mota sai lambar oda na hannunsa, ya rubuta ta a webil da takardar neman biya, ya tsaya a ƙirga a gabansa. Idan farashi ya tashi, ya nemi a gyara odar kafin mota ta bar shago.