Gyaran Wasiƙar Shugaban Makaranta Zuwa ga Iyaye

Wasiƙar da shugaban makaranta yake aika wa iyaye takarda ce ta hukuma, amma hanyar da take bi ta sha bamban da ta sauran takardun ofis. Yaro ake danƙa wa ita, takan kwana biyu a cikin jaka, kuma a gidaje da yawa yaron ne ko wani maƙwabci yake karanta wa mahaifi ita da baki. Saboda haka gyaranta yana da fuska biyu: ta fito da ladabin da ya dace da manya, kuma wanda ya saurare ta sau ɗaya ya san abin da ake so ya yi, da ranar, da wurin.

Ga misalin daftarin da wani shugaban firamare zai iya rubutawa cikin gaggawa ranar Alhamis, 5 ga Oktoba, yana nufin taron da za a yi ranar 14 ga wata:

“Iyayen yara ana sanar daku akwai mitin ranar Asabar mai zuwa da safe. Dole kowa yazo da kudin jarrabawa na yayansa wanda bai biya ba zamu kori dansa. Kuma maganar makara da yunifom ta ishe mu. Hedimasta.”

Abu na farko da mai gyara zai lura da shi shi ne takardar ba ta da kai. A sama ake sa sunan makaranta da adireshinta da kwanan wata, sannan a faɗi waɗanda ake rubuta wa. “Iyayen yara” kira ne irin na bakin ƙofa, kuma ya bar wasu a waje, domin yara da dama suna hannun kaka ko kawu ko gwaggo. “Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai” ya haɗa kowa. Daga nan sai sallama da gaisuwa ta layi ɗaya, kamar “Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri”. A makarantar da iyaye ba addininsu ɗaya ba, gaisuwar kaɗai ta wadatar. Doguwar gaisuwa mai tambayar iyali da gajiya da sanyi ta wasiƙar zumunci ce, a nan kuwa tana tura saƙon can ƙasa. Ƙarƙashin gaisuwar ake rubuta kanun magana, misali “Gayyata zuwa taron iyaye da malamai”.

Babban aikin yana cikin jimla ta farko. “Asabar mai zuwa” ga wanda ya karɓi takardar ranar Alhamis ita ce jibi, wato 7 ga wata, alhali shugaban yana nufin 14. Wasu iyaye za su zo mako guda kafin lokaci su tarar da makaranta a kulle, kuma da wuya su sake dawowa. Dokar ita ce a haɗa sunan rana da kwanan wata. Haka “da safe” yana ɗaukar tun daga fitowar rana har hantsi, don haka sai a ce ƙarfe 10:00 na safe. Ko lokutan salla da aka saba yin alkawari da su, irin su “bayan la'asar”, gara a haɗa su da ƙarfe, tunda masallatai ba sa tayar da salla a minti ɗaya. Daftarin bai faɗi wurin taro ba, bai kuma faɗi abin da za a tattauna ba, magidanci kuwa ba ya barin kasuwa ko gona don taron da bai san dalilinsa ba. “Mitin” kalma ce da kowa ya sani, amma “taro” ta fi dacewa da takardar hukuma.

Jimla ta biyu ita ce ta fi ɓarna, kuma a cikinta ake ganin yadda ƙa'idar rubutu take shafar ma'ana. “Yayansa” ba tare da alama ba yana nufin wansa, wanda ya girme shi. Abin da ake nufi shi ne “'ya'yansa”. A Nijar ana rubuta wannan sauti da ƴ, a Najeriya kuwa da 'y. “Kudin” da “dansa” suna buƙatar ɗ mai lanƙwasa. Wakilin suna ana raba shi da aikatau, don haka “ya zo” da “za mu” ake rubutawa, haka kuma “da ku”. Rashin waƙafi ma ya haifar da haɗari: yaron da yake karantawa da ƙarfi zai iya haɗa “ba” da “za mu”, mahaifi ya ji kamar an ce ba za a kori kowa ba. Waƙafi bayan “bai biya ba” yana raba gardama. Sannan ba a faɗi nawa ne kuɗin ba, ko na kowane yaro ne ko na gida ɗaya, ko wa za a ba.

Ta fuskar ladabi, “dole” da barazanar kora murya ce ta malami ga ɗan aji, iyaye kuwa ba ɗalibai ba ne, wasunsu ma sun haifi shugaban. Hausa tana da hanyar bayar da umarni ba tare da nuna wa mutum yatsa ba, wato lamirin da bai ambaci kowa ba: “ana roƙon a biya”, “da fatan za a halarta”. Wannan bai rage ƙarfin magana ba muddin an sa ranar ƙarshe. Ya kamata kuma a bar ƙofa ga wanda yake cikin rashi, domin barazanar da aka yi wa kowa takan fi ƙona wanda ba shi da hali, yaron da ya karanto ta a gaban mahaifinsa kuwa shi ke ɗaukar kunyar. Amma ladabi yana da iyaka. Idan aka cika “don Allah” da “idan ba damuwa” har ranar biya ta ɓace, an gyara gefe ɗaya an ɓata ɗayan.

“Ta ishe mu” fushi ne, ba ya gaya wa kowa abin da zai yi. Ko dai a faɗi lokacin da ake rufe ƙofa, ko a mayar da batun cikin abubuwan da za a tattauna a taro. Bayan gyara, jikin wasiƙar zai kasance haka:

“Hukumar makaranta tana gayyatar ku taron iyaye da malamai ranar Asabar, 14 ga Oktoba, da ƙarfe 10:00 na safe, a harabar makaranta. Za a tattauna jarrabawar ƙarshen zango, da makarar ɗalibai, da kayan makaranta. Kuɗin jarrabawa naira dubu biyu ne (₦2,000) ga kowane ɗalibi. Ana roƙon a biya a ofishin makaranta kafin ranar Juma'a, 27 ga Oktoba, a kuma karɓi rasit. Wanda yake da uzuri yana iya ganin shugaban makaranta kafin wannan rana. Mun gode da haɗin kanku. Wassalam.”

An rubuta kuɗin da kalmomi da alƙaluma don kada tawada ko sifiri ɗaya ya canza shi, an kuma raba biyan kuɗi da ranar taro don kada marar kuɗi ya ƙi zuwa. A ƙasa sai sa hannu, da cikakken suna, da muƙami, da hatimin makaranta, musamman tunda akwai maganar kuɗi kuma iyaye suna da haƙƙin tabbatar da cewa takardar daga ofis ta fito. Kafin a buga kwafe-kwafe, a sa ɗalibi ɗan aji biyar ya karanta wa wani babba ita da ƙarfi, sannan a tambayi babban ranar taro da lokaci da wuri da adadin kuɗi. Duk wanda ya kasa faɗa daga cikinsu, jimlar da ke ɗauke da shi ce za a sake rubutawa.