Zaton da Ba Ya Wuce Gaskiya: Yadda Ake Ƙiyasta Makamashin Atam

Hiliyam, iskar da ake hura wa balan-balan don ta tashi sama, tana cikin sinadarai mafiya sauƙin gini a duniya. Kowace ƙwayar zarra tata, wato atam, tana da cibiya ɗaya mai caji biyu da ilektiron biyu masu kewaya ta, shi ke nan. Duk da haka, tun 1926 da Erwin Schrödinger ya fito da lissafin da ke bayyana halayen atam, babu wanda ya warware wa hiliyam wannan lissafi kai tsaye yadda aka warware wa haidirojin mai ilektiron ɗaya. Dalili kuwa shi ne ilektiron biyun suna ture juna. Inda ɗaya yake ya dogara ga inda ɗayan yake, don haka lissafin ba ya rabuwa gida biyu.

Abin da masana Fiziks suke nema adadi ne guda: makamashin atam ɗin idan ya natsu a matakinsa mafi ƙasa, wanda ake kira matakin tushe. Ana auna shi da ilektiron-bolt, a taƙaice eV. A ɗakin gwaji an gano cewa fizge ilektiron na farko daga hiliyam yana cin eV 24.6, na biyu kuma eV 54.4. Jimilla 79.0 ke nan. Da yake an ɗauki atam ɗin da aka raba da ilektiron ɗinsa a matsayin sifiri, sai a rubuta makamashin tushe −79.0 eV. Duk adadin da ya fi nitsewa ƙasa da sifiri, ɗaurin ilektiron ɗin ya fi ƙarfi.

To yaya za a fitar da wannan adadi a takarda alhali lissafin ya ƙi warwaruwa? Sai a yi zato, amma zato mai ƙa'ida. A kimiyyar kwantam ba a cewa ilektiron yana wuri kaza. Ana rubuta wata taswira ce ta lissafi, mai alamar ψ, wadda ke nuna inda aka fi sa ran samunsa da inda ba a cika sa rai ba. Taswirar gaskiya ita ce ba a sani ba. Sai masani ya zana tasa ta gwaji, ya bar mata wani adadi ko biyu da zai iya ƙarawa ko ragewa, ya lissafa matsakaicin makamashin da atam zai samu da a ce taswirar tasa ce ta gaskiya. Daga nan ya riƙa sauya adadin har makamashin ya sauka iyakar saukarsa. Wannan ita ce dabarar sauye-sauye. Ta girmi kimiyyar kwantam ma: Lord Rayleigh ya yi amfani da ita a 1877 wajen ƙiyasta karkarwar abubuwa masu fitar da sauti, Walther Ritz ɗan Suwizalan kuma ya tsara ta sosai a 1909, shekarar da ya rasu yana ɗan shekara 31.

Abin da ya ba dabarar daraja alkawari ne guda. Komai munin zaton, amsar ba za ta taɓa sauka ƙasa da makamashin tushe na gaskiya ba. Ko dai ta yi daidai da shi, ko ta tsaya samansa.

Hujjar ba ta da tsawo. Kowane atam yana da jerin matakan makamashi da aka halatta masa, kowane mataki da taswirarsa. Lissafi ya tabbatar da cewa duk taswirar da mutum ya zana, matuƙar ta cika sharuɗɗa, gauraye ce ta waɗannan taswirori na gaskiya, kaso kaza daga wannan, kaso kaza daga wancan, ko da mai zanen bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Makamashin da zai lissafa kuwa matsakaici ne na makamashin matakan, kowanne gwargwadon kasonsa. Idan ɗan kasuwa ya gauraya shinkafa iri uku masu farashi daban-daban, kuɗin da mudun gaurayen ya tsaya masa ba zai yi ƙasa da na mafi arha a cikinsu ba. Zai yi daidai da shi ne kawai idan mafi arhar ce zalla a buhun.

Haidirojin ya isa misali, tunda an san matakansa. Na tushe −13.6 eV ne, na biyu −3.4 eV. Taswirar da kashi 90 cikin ɗari nata na tushe ne, kashi 10 na mataki na biyu, za ta ba da kusan −12.6 eV. A ƙara kason mataki na biyu, amsar ta ƙara hawa. Babu yadda za a juya kason a samu −14, domin babu matakin da ke can ƙasa da zai ja matsakaicin. Saboda haka idan mutum biyu suka kawo taswira biyu, ba sai an yi gardama ba: wanda amsarsa ta fi ƙasa shi ya fi kusa da gaskiya.

Yanzu a koma kan hiliyam. Idan aka yi kamar ilektiron biyun ba sa ture juna sam, amsar −108.8 eV ce, nesa da abin da aka auna. Wannan bai karya alkawarin ba, domin an zubar da wani ɓangaren makamashin ne gaba ɗaya. Dabarar tana buƙatar a lissafa komai. Sai a ba kowane ilektiron taswira irin ta haidirojin, amma a bar cajin cibiyar da yake ji a matsayin adadi mai sauyawa, a kira shi Z. Da an haɗa lissafin, ga abin da ke fitowa:

```
E(Z) = (Z² − 4Z + 5Z/8) × 27.2 eV
```

Kowane yanki da aikinsa. Na farko makamashin motsi ne, yana ƙaruwa da sauri idan aka matse ilektiron kusa da cibiya. Na biyu jan cibiya ne, shi ke saukar da amsar. Na uku shi ne turin da ilektiron biyun suke yi wa juna. Idan Z ya yi yawa, kuɗin matsi ya rinjayi ribar ja. Idan ya yi kaɗan, ilektiron sun yi nisa, ja ya raunana. Ke nan akwai wani wuri a tsakani da amsar ta fi sauka.

A sa Z ya zama 2, ainihin cajin cibiya, a samu −74.8 eV. A sa 1.5, a samu −76.5. A sa 1, amsar ta haura zuwa −64.6. Ƙasan ramin yana kan 27/16, kusan 1.69, inda ake samun −77.5 eV. Dukkansu suna saman −79.0, yadda aka alkawarta. Adadin 1.69 kansa yana ɗauke da bayani: kowane ilektiron yana tare wa ɗan'uwansa wani ɓangare na jan cibiya, shi ya sa yake jin ƙasa da 2. Ba wanda ya cusa wannan a lissafin da hannu, neman mafi ƙarancin makamashi ne ya fito da shi.

Saura eV 1.5, kashi biyu cikin ɗari kacal. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu. Masanin sinadarai bambanci yake nema, kuma idan aka cire 54.4 daga 77.5 sai a ga fizge ilektiron na farko yana cin 23.1 maimakon 24.6. Kuskuren ya zama kashi shida.

Nan ne zaɓen taswirar gwaji yake nuna gwani. Ƙara adadin sauyawa barkatai ba ya wadatarwa idan siffar ta rasa wani hali na gaskiya. A haidirojin, taswirar gaskiya tana da tsini a kan cibiya, sannan tana dusashewa a hankali can nesa. Wanda ya zaɓi siffa irin wannan zai samu −13.6 cif. Wanda ya zaɓi siffar Gauss guda ɗaya, mai sumul a ka kuma mai saurin dusashewa, ba zai wuce −11.5 ba komai gyaransa. A hiliyam ma haka ne. Duk taswirar da ta ba kowane ilektiron gajimarensa ba tare da kula da inda ɗayan yake a wannan lokacin ba, iyakarta kusan −77.9 eV, ko da an tace siffar gajimaren iyakar tacewa.

Egil Hylleraas, ɗan ƙasar Norwe, shi ya tsallake wannan shinge a 1929. Ya sa tazarar da ke tsakanin ilektiron biyun kai tsaye a cikin taswirar, ta yadda za ta yi nauyi idan suna nesa da juna, ta yi sauƙi idan sun kusanci juna. Da yanki shida kawai, da na'urar lissafi ta tebur, ya matso kusa da amsar gaskiya har saura kamar eV 0.01. A lokacin ba a tabbatar ba ko sabuwar kimiyyar kwantam za ta yi aiki a atam mai ilektiron fiye da ɗaya, kuma wannan sakamako ya kwantar da hankali ƙwarai. Shekara 30 bayan haka Chaim Pekeris ya kai yankunan 1,078 da kwamfutar WEIZAC a Isra'ila. Ƙara yanki a kan waɗanda ake da su ba ya taɓa ɗaga amsar, sai dai ya saukar da ita ko ya bar ta inda take.

Dabarar tana da iyakoki biyu da ɗalibai kan manta. Na farko, tana faɗin cewa gaskiya tana ƙasa, amma ba ta faɗin nisan. Amsa na iya daina sauka don an iso, tana kuma iya dainawa don siffar da aka zaɓa ta ƙure, kamar yadda ya faru a −77.9. Na biyu, makamashi yana rufa wa taswira asiri. Kason kowane mataki yana zuwa ne daga ninka girman kuskuren da kansa, don haka kuskuren ɗaya bisa goma a taswira yana shiga matsakaicin a matsayin ɗaya bisa ɗari. Mutum zai iya samun makamashi mai kyau da taswira mai aibi, kuma aibin zai fito fili ranar da ya yi amfani da ita wajen lissafa wani abu dabam, misali yawan samun ilektiron a kan cibiya.

Idan kuwa amsa ta faɗa ƙasa da abin da aka auna, to an yi kuskure, kuma a nemo shi. Wani lokaci an manta a daidaita taswirar ne ta yadda jimillar kaso za ta cika ɗari bisa ɗari. Wani lokaci kuma taswirar ta karya wata doka. Litiyam yana da ilektiron uku, makamashin tushensa −203.5 eV. Wanda ya cusa duka ukun a mataki na farko, da cajin cibiya 3, zai samu −214.3 eV, ƙasa da gaskiya da kusan 11. Laifin na taswirar ne, domin dokar da Wolfgang Pauli ya bayyana a 1925 ta hana ilektiron fiye da biyu zama a wannan mataki. Taswirar ba gauraye ba ce ta matakan da aka halatta wa litiyam, don haka alkawarin bai shafe ta ba tun farko. Da zarar an ɗaga ilektiron na uku zuwa mataki na biyu, aka kuma rubuta taswirar yadda za ta juya alama idan an musanya ilektiron biyu, amsar tana komawa saman −203.5, sannan a fara aikin saukar da ita.