Lodi Ɗaya, Ƙarfin Wuta Uku: Lissafin Faɗuwar Wuta a Taransfoma

A jikin kowace taransfoma ta unguwa akwai ɗan faranti na ƙarfe da aka buga wa lambobi. A kan wadda aka fi gani a layukan Kano ko Kaduna za ka karanta `500 kVA` da `11000/415 V`, wato tana karɓar bolt 11,000 ta mayar da shi bolt 415. Sai dai wannan 415 ɗin na lokacin da ba a ɗora mata lodi ba ne. Da zarar an kunna injuna, ƙarfin wutar da ke fita yakan sauya. Gibin da ke tsakanin abin da take bayarwa babu lodi da abin da take bayarwa da cikakken lodi shi ne injiniyoyi ke lissafawa cikin ɗari:

```
%VR = (V0 − V) / V0 × 100
```

V0 shi ne ƙarfin wuta babu lodi, V kuma ƙarfinta da lodi. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, nauyin lodi kaɗai ba ya yanke wannan gibi. Irin lodin ma yana da ta cewa, har yakan sa wuta ta hau maimakon ta sauka.

Abubuwa biyu ne ke cin wuta a cikin taransfoma. Na farko turjiyar wayar tagulla da aka naɗa, ana rubuta ta R, ita ce ke sa taransfoma zafi. Na biyu, wanda ake rubutawa X, yana zuwa ne daga maganaɗisun da ke zurarewa gefe bai haɗa naɗin shiga da na fita ba. A taransfomar unguwa X ya fi R girma sau uku ko huɗu, saboda haka shi ne mai babban tasiri.

Wutar da muke sha tana kai-kawo sau 50 a daƙiƙa. A dutsen guga da hita, kwararar wuta da ƙarfinta tare suke hawa, tare suke sauka. A injin niƙa, famfon tura ruwa, firji da na'urar walda kuwa, da yake duk naɗin waya ne a cikinsu, kwararar tana makara ta biyo baya. Kafasito kuma akasin haka yake yi, kwararar ce ke riga zuwa. Ma'aunin wannan saɓani shi ne fawa fakto, wanda mita ke nunawa da `PF`, tare da `LAG` idan kwarara na baya ko `LEAD` idan tana gaba. A lissafi ana rubuta shi cosφ.

Ga ƙa'idar da ake aiki da ita:

```
LAG:  %VR = %R × cosφ + %X × sinφ
LEAD: %VR = %R × cosφ − %X × sinφ
```

Alamar da ke tsakiya ce kawai ta bambanta, kuma tana da dalili. Asarar da X ke jawowa ba ta tafiya lokaci ɗaya da kwarara, kullum tana gabanta da rubu'in zagaye. Idan kwarara ta makara, wannan asara sai ta matso ta daidaita da ƙarfin wutar da ke shigowa, ta zaftare shi kai tsaye. Idan kwarara ta yi gaba, asarar sai ta juya ta fuskanci ɗaya ɓangaren, abin da zai rage ya koma ƙari.

Mu ɗauki taransfomar nan ta 500 kVA. A ce farantinta ya nuna `Z = 4.5%`, takardar gwajin masana'anta kuma ta ce tagullarta na ɓarnatar da kilowat 6 a cikakken lodi. Raba 6 da 500 ya ba da R kashi 1.2 cikin ɗari. A nan wasu ke kuskure, su cire 1.2 daga 4.5 su ce sauran shi ne X. Ba haka ba ne, domin R da X suna haɗuwa ne kamar gefuna biyu na alwatika mai kusurwa tsaye, Z kuma shi ne dogon gefen:

```
%X = √(4.5² − 1.2²) ≈ 4.3
```

Yanzu a ɗora mata cikakken lodi, kimanin amfiya 696, na unguwar da injuna suka yi yawa, fawa fakto 0.8 mai makara. Idan cosφ ya zama 0.8, sinφ 0.6 ne. Rabon R ya zama 1.2 sau 0.8, wato 0.96. Rabon X ya zama 4.3 sau 0.6, wato 2.58. An haɗa, kashi 3.54 cikin ɗari. Wannan kashi na 415 ya kusa bolt 15, ke nan mita za ta nuna bolt 400 a bakin taransfoma, gida mai layi ɗaya kuma ya sami kusan 231 maimakon 240.

A bar amfiya 696 ɗin yadda take, a mayar da lodin mai riga gaba a 0.8. Lambobin nan biyu ne dai, amma yanzu cirewa za a yi: 0.96 a cire 2.58, ya ba da −1.62. Kada a ga alamar ragi a zaci an ɓata lissafi. Ma'anarta wuta ta hau sama da yadda take babu lodi, ta kai kusan bolt 422. Da kuma lodin duk hita ne da dutsen guga, fawa fakto 1, rabon X ya ɓace, saura kashi 1.2, mita ta nuna 410. Taransfoma ɗaya, kwarara ɗaya, zafi ɗaya a cikin tagulla, amma 400, 410 ko 422.

Tsakanin hawa da sauka akwai wurin da biyun ke cinye juna, wuta ta tsaya cif a 415. A wannan taransfoma wurin yana wajen fawa fakto 0.96 mai riga gaba. Idan lodin rabi ne, sai a raba amsar biyu. Ƙa'idar ta kusantarwa ce, amma abin da ta bari a misalinmu bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba.

Hawan wuta ba labarin cikin littafi ba ne kawai. Masana'antu kan girka kafasito don su gyara makarar da injunansu ke jawowa. Da dare an kashe injuna, idan aka bar kafasiton a kunne, lodin ya zama mai riga gaba zalla. Kafasito mai `100 kVAr` a kan taransfomar tamu kashi ɗaya ne cikin biyar na ƙarfinta, saboda haka zai ɗaga wuta da kashi 0.86, wajen bolt uku da rabi. Shi kaɗai ba komai ba ne, amma yana hawa ne kan layin da dama ya ɗaga saboda gari ya yi barci. Alamarsa ita ce mita ta nuna `LEAD` da tsakar dare, maganinsa kuma na'urar da ke cire kafasito mataki-mataki yayin da lodi ke raguwa.

A ganina babban amfanin lissafin ga mutanen unguwa shi ne ya nuna iyakar laifin taransfoma. A cikakken lodi, komai lalacewar fawa fakto, faɗuwar ba za ta wuce kusan kashi 4.5 ɗin da ke kan faranti ba. Ko an yi mata lodin da ya zarce ƙarfinta da kashi 30, a 0.8 mai makara, bolt 19 za ta rasa daga 415. Saboda haka idan soket ɗin gidanka na nuna 170, mafi yawan asarar a wani wuri take: ko layin 11,000 ya iso da rauni, ko wayar unguwa ta yi siriri ga nisanta, ko an jibga gidaje a layi ɗaya cikin ukun. Ma'aikacin da ke da izini zai gane wanne ne idan ya auna layukan uku a bakin taransfoma da magariba, sannan ya auna a gidan ƙarshe. Idan bakin ya nuna wajen 400 amma ƙarshen layi ya faɗi, waya ce. Idan tun a baki layukan uku duk sun faɗi ƙasa da abin da lissafi ya bayar, matsalar daga sama take, kuma juya maɓallin matakan naɗi, wanda galibi ke ƙara kashi 2.5 ko 5 kuma sai an kashe taransfoma ake taɓa shi, zai taimaka da magariba amma ya ɗaga wutar dare da daidai wannan kashin.