Injin Shekara Uku ko na Shekara Biyar? Yadda Ake Gane Mai Riba

A garin Kura da ke jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noman shinkafa rani da damina, ƙarar injinan casa ba ta yankewa. Mata na turara shanshera, yara na shanya, masu inji na karɓar buhu suna mayar da ita tsaba. Duk mai inji a irin wannan wuri wata rana zai tsaya gaban mai sayar da injuna yana duban guda biyu: ɗaya mai sauƙin kuɗi da ba ya daɗewa, ɗaya mai tsada da ke jure wahala. Yawanci abin da ke aljihu ne ke yanke hukunci, ko kuwa maganar makaniki. Akwai kuma lissafin da masana harkar kuɗi ke yi a irin wannan hali, wanda littattafansu ke taƙaita sunansa da EAA. Manufarsa ita ce a mayar da duk abin da inji zai ci da abin da zai kawo zuwa adadi guda da ake samu kowace shekara, domin a auna injin shekara uku da na shekara biyar a ma'auni ɗaya.

A ɗauki misali, da alƙaluman da aka tsara domin sauƙin fahimta. Ƙaramin inji kuɗinsa naira miliyan 3, zai yi aiki shekara 3, kuma bayan an cire kuɗin gas, ladan yara, bel, rariya da gyara, yana barin naira miliyan 2 a shekara. Babban inji kuɗinsa miliyan 5, zai kai shekara 5, yana barin miliyan 2.2 a shekara saboda bai cika shan mai da lalacewa ba.

Lissafin baki zai ce ƙaramin ya kawo miliyan 6, a cire 3, saura 3. Babban ya kawo miliyan 11, a cire 5, saura 6. Da wannan kowa zai rungumi babban. Sai dai lissafin ya bar abu biyu a baya, kuma kowannensu na iya juya amsar.

Na farko, naira ta bana da ta baɗi ba darajarsu ɗaya ba. Kuɗin da mai inji ya zuba a ƙarfe yau, da zai iya sayen shanshera da shi a kaka ya sayar da bazara. A ce wannan juyi yana ba shi ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ke nan naira 100 ta yau daidai take da 120 ta baɗi, naira 100 da za ta zo baɗi kuwa darajarta a yau 83 ce da ɗan ɗoriya, wadda za ta zo bayan shekara biyu 69, ta shekara uku 58, ta huɗu 48, ta biyar 40. Wanda ke gudun riba kada ya ɗauka ana maganar kuɗin ruwa ne dole. Wannan kaso ma'auni ne na abin da jarin zai iya samarwa a wata halastacciyar hanya, ko kuma ribar da bankin Musulunci irin Jaiz ke ɗorawa idan ya sayi injin ya sayar wa mutum ta hanyar murabaha.

Idan aka tara waɗannan darajoji, naira ɗaya da ke shigowa duk shekara har shekara 3 tana daidai da naira 2.106 a yau, wadda ke shigowa har shekara 5 kuwa 2.991. Waɗannan lambobi biyu su ne ginshiƙin aikin duka. Miliyan 2 na ƙaramin inji sau 2.106 ya ba da kusan miliyan 4.213, a cire kuɗin saye, saura naira 1,213,000. Miliyan 2.2 na babban sau 2.991 ya ba da kusan miliyan 6.579, a cire miliyan 5, saura naira 1,579,000. Wannan ragowar ita ake kira NPV, wato tsantsar ribar inji a darajar kuɗin yau. Tazarar ta ragu sosai, amma har yanzu babban ne a gaba.

A nan ne da yawa ke tsayawa, har da waɗanda suka yi karatun akanta, alhali abu na biyu bai shigo ba tukuna. Ribar 1,213,000 an same ta ne a shekara uku, ta 1,579,000 kuwa a shekara biyar. Mai ƙaramin inji ba zai rufe shago ya naɗe hannu a shekara ta huɗu da ta biyar ba. Zai sayi wani ƙaramin ya ci gaba da casa, ya sake cin wata ribar. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce nawa kowane inji ke bari a kowace shekara ta rayuwarsa.

Amsar tana fitowa ne idan aka raba ragowar kowane inji da lambarsa ta ɗazu. Ƙaramin: 1,213,000 a raba da 2.106, ya kama kusan naira 576,000 a shekara. Babban: 1,579,000 a raba da 2.991, ya kama kusan 528,000. Ƙaramin ya wuce gaba da kimanin naira 48,000 duk shekara. Mai kwamfuta ko waya da ke da Excel zai samu amsar nan take:

```
=PMT(0.2,3,-1213000)
=PMT(0.2,5,-1579000)
```

Me ya sa ba a raba da 3 da 5 kawai ba? Domin yin haka zai sake mayar da nairar shekara ta biyar daidai da ta yau, abin da aka riga aka gyara. Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce a ɗauka haya ake biya wa injin. Miliyan 3 a raba da 2.106 ya nuna cewa riƙe ƙaramin inji tamkar biyan hayar naira 1,424,000 ne a shekara, a cire daga miliyan 2 da yake kawowa, saura 576,000. Hayar babban kuwa 1,672,000 ce, a cire daga miliyan 2.2, saura 528,000. Babban ya fi kawo 200,000 a shekara, amma hayarsa ta fi da 248,000. Duk sirrin yana nan. Wanda ke son ya tabbatar zai iya bin doguwar hanya, ya jera ƙaramin inji sau biyar da babban sau uku har su haɗu a shekara 15. Zai samu kusan miliyan 2.69 ga ƙaramin da miliyan 2.47 ga babban, hukunci dai bai canza ba.

Idan injinan biyu aiki iri ɗaya suke yi, kamar janareta biyu da ke ba shago wuta daidai wa daida, ba sai an lissafa kuɗin shiga ba. A haɗa hayar kowanne da kuɗin mansa da gyaransa na shekara, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zaɓi.

To amma naira 48,000 tazara ce siririya, kuma a ganin mai wannan rubutu duk wanda ya yanke hukunci a kanta ba tare da ya jijjiga alƙaluman ba ya yi gaggawa. Abu na farko da ke juya ta shi ne tsadar jari. Da a ce kashi 10 aka yi amfani da shi maimakon 20, lambobin za su koma 2.487 da 3.791, ƙaramin ya bar kusan 794,000 a shekara, babban ya bar 881,000. Babban ya dawo gaba. A wannan misali mahaɗar tana tsakanin kashi 16 da 17: ƙasa da haka babban, sama da haka ƙaramin. Dalilin a bayyane yake. Babban inji yana ɗaure ƙarin miliyan 2 tun ranar farko, kuma gwargwadon yadda jari ke da tsada ga mutum, gwargwadon yadda wannan ɗauri ke yi masa ciwo. Shi ya sa maƙwabta biyu za su iya yin lissafi daidai su fito da amsa daban, ɗaya yana da jarin da ke kwance, ɗayan kuwa kowace nairarsa tana da wurin zuwa.

Abu na biyu shi ne shekarun da aka ɗora wa inji, kuma a nan aka fi yin asara. Shekara 3 maganar mai sayarwa ce. Idan ƙura da gurɓataccen gas da rashin juyen mai a kan lokaci suka kashe ƙaramin injin a shekara 2, hayarsa za ta tashi zuwa kusan 1,964,000, ribarsa ta shekara ta faɗo zuwa 36,000 kacal. Idan kuma babban ya zarce ya kai shekara 6, tasa ribar za ta hau zuwa kusan 696,000. Shekara ɗaya tak da aka yi kuskure a kanta ta fi tazarar farko nauyi ninkin baninki. Wannan adadi a bakin makanikan da ke kwance injinan ake samunsa, da kuma masu casar da suka riga suka yi amfani da irinsu. Haka nan abin da za a samu idan an sayar da tsohon inji yana shiga lissafi. Da babban zai sayu a naira 500,000 a ƙarshen shekara ta biyar, ƙaramin kuwa ya tafi wurin 'yan gwangwan a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, darajar wannan 500,000 a yau kusan 201,000 ce, tana ƙara wa babban 67,000 a shekara, ya koma 595,000.

Na uku ya fi shafar Najeriya ta yau. Lissafin yana ɗauka cewa idan ƙaramin inji ya mutu za a sami wani a farashin da. Wanda ya sayi inji kafin Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya koma kasuwa a 2024 ya tarar ta haura 1,500, ya san wannan zato bai tsaya ba. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban shekarar. A irin wannan yanayi kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta kuɗin shiga da farashin yau, miliyan 2 kowace shekara ba ƙari, sannan a zaftare shi da kason banki wanda hauhawar farashi ke cikinsa. Yin haka zalunci ne ga inji mai daɗewa. Idan alƙaluman na farashin yau ne, sai a cire hauhawar daga kason. A ce jari na cin kashi 30, farashi kuma na hawa kashi 20, to 1.30 a raba da 1.20 ya ba da 1.083, wato ainihin tsadar jarin kashi 8.3 ce. A wannan kaso, babban injin misalinmu ne ke gaba da tazara mai kauri, ko ba a lissafa kuɗin sayar da tsohonsa ba.

Akwai kuma inda ba a buƙatar wannan hanya sam. Mai casar da hayar filinsa za ta ƙare nan da shekara uku ba tare da tabbacin sabuntawa ba, ko wanda ke shirin komawa injin lantarki da zarar an jawo wuta unguwarsu, ba zai sake sayen irin injin ba. Shi sai ya lissafa shekara ukun kawai ga injinan biyu, ya sa farashin da babban zai sayu a ƙarshen shekara ta uku, ya kwatanta ragowarsu kai tsaye.